Kamfanina yana da TIN biyu, an hana ni takardar shaidar biyan haraji

Tambaya: Malam, ina cikin damuwa. Na yi wa kamfanina rajista a 2017, na karɓi TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, a ofishin haraji, da ita nake shigar da lissafi duk shekara. A 2022 banki ya ce lambar ba ta fito da sunan kamfanin daidai ba, sai wani ejan ya ciro mini wata. Ita na bai wa ma'aikatar da na yi wa kwangilar kawo kaya ta naira miliyan 20 a 2023, suka cire miliyan 1 na WHT, wato harajin da ake cirewa kafin a biya ɗan kwangila. Yanzu na nemi takardar shaidar biyan haraji an ce ba a ga kuɗin ba. Ejan ɗin ya ce in watsar da tsohuwar kawai. Zan rasa kuɗina ne?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka, kuɗinka suna nan. Suna kwance ne a ƙarƙashin lambar da ba ta da tarihi, tarihinka kuma yana ƙarƙashin lambar da ba ta da kuɗin. Haɗe su za a yi, kuma hukumar haraji ce kaɗai ke iya yin hakan.

Kafin ka rubuta komai, ka tabbatar lambobin biyu na abu ɗaya ne. Lambar da hukumar harajin tarayya FIRS ta riƙa bayarwa alƙaluma 8 ce da -0001 a ƙarshe, ta hukumar haɗin gwiwar haraji JTB kuwa alƙaluma 10 ce a jere. Kamfani ɗaya yana iya riƙe waɗannan biyun ba tare da an yi kuskure ba. Haka nan idan ɗaya ta sunan kasuwanci ce mai lambar rajista ta BN, ɗayar kuma ta kamfani mai lambar RC, to a idon doka mutum biyu ne: na farko hukumar harajin jiha ke bin sa, na biyu ta tarayya, kuma ba a haɗe su. Idan ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, taka matsalar ita ce RC ɗaya ɗauke da lambobi biyu masu -0001, alƙaluman farkonsu daban. Yawanci hakan na faruwa ne idan a tsohuwar rajistar an rubuta sunan da kuskure, ko an shigar da RC ba daidai ba, sai na'ura ta ɗauka sabon kamfani ne ya zo.

Yanzu ga maganar ejan ɗinka, wadda kullum ake ji a bakin masu zaman bakin ofis da shagunan kwamfuta: wai a watsar da ɗaya, za ta mutu da kanta. Ba ta mutuwa. Lambar haraji ba layin waya ba ce da za a toshe don an daina sa mata kati. Muddin tana cikin rajista, na'ura tana jiran lissafin shekara a kanta, duk shekarar da bai zo ba kuma ta rubuta laifi. A tsohuwar dokar harajin kamfanoni, tarar jinkiri naira 25,000 ce a watan farko, sannan 5,000 kowane wata. Lissafin shekara ɗaya tak da ya yi wata 24 ba a shigar ba ya tara 140,000 ke nan. Dokar gudanar da haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ɗaga ta zuwa 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata bayansa. Wanda ya ce ka watsar, ya gaya maka wannan?

Duba yadda kowane ɓangare yake cutar da kai. A ce ribar da za a ɗora wa haraji a 2023 miliyan 7 ce, cinikinka kuma yana tsakanin miliyan 25 da 100, wato kashi 20 cikin ɗari a dokar lokacin. Harajin ya kama miliyan 1.4. Da lambar ɗaya ce, za a cire miliyan 1 da ma'aikata ta riga ta tura, ka cika 400,000, ban da harajin ilimi. Idan ka riƙe tsohuwar ka bar sabuwar, za a nemi miliyan 1.4 cif, ka biya abu ɗaya sau biyu. Idan ka bi ejan ka riƙe sabuwar, takardar shaidar tana duba shekara 3 da suka wuce, sabuwar lambar kuwa ba ta da lissafi ko ɗaya. Sai a ce ka shigar da su daga farko tare da tara, ita kuma tsohuwar ta fara tara nata a bayanka.

Mafi muni shi ne wanda zai ce bari ya ciro maka ta uku "mai tsabta". Dokar 2025 ta fito fili: wanda ke da lamba mai aiki ba zai nemi wata ba, kuma duk wanda ya gano an ninka lamba ya kai rahoto don a haɗe. Ga shi sabon tsarin ya ɗaure lambar mutum da NIN, ta kamfani da lambar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don haka duk abin da aka ɓoye a wata lamba a kan RC ɗinka zai dawo. Kuma TIN kyauta ce. Mutum ya karɓi kuɗinka ya jefa ka rami, yanzu yana neman wasu kuɗin ya ƙara haƙa maka wani. Ka raba gari da shi.

Abin yi shi ne wasiƙa a takarda mai tambarin kamfani, darakta ya sa hannu, zuwa ga shugaban ofishin harajin da fayil ɗinka yake, a hukumar FIRS da yanzu ake kira NRS. Ka rubuta lambobin biyu da RC, ka faɗi yadda ta biyun ta samu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ka nemi abu uku a fili: a haɗe su, a bar tsohuwar tunda ita ke da tarihin lissafi, a mayar da duk kuɗin da ke kan wadda za a rufe zuwa wadda za a bari. Na ukun nan mutane ke mantawa, sai a rufe lamba, kuɗi su maƙale a ciki. Wadda za a bari, hukuma ce ke yanke hukunci, kai dai ka kawo hujja.

Ka haɗa da kwafin satifiket na CAC, takardar matsayin kamfani ta kwanan nan, katin shaidar darakta, takardun TIN ɗin biyu, rasitan biyan da ka yi, da takardar ba da kwangila da shaidar cire miliyan 1 ɗin. Ka ƙara takarda ɗaya mai jera kowane biya: rana, adadi, irin harajin, da lambar da ya shiga. Kafin a taɓa komai, ka buga shafin kuɗin WHT na kowace lamba kamar yadda yake a yau, domin shi ne ma'auninka bayan an gama. Ka je da kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Aikin ba na rana ɗaya ba ne, kuma fayil ɗin da ba a bibiya yakan kwana a kan tebur, saboda haka ka riƙe sunan jami'in da aka miƙa wa.

Kada ka bar kuskuren sunan da ya jawo komai tun 2022. Sunan da ke satifiket na CAC shi ne asali, harafi da harafi, har da bambancin Nig. da Nigeria. Ka nemi a gyara na haraji ya yi daidai da shi a cikin wasiƙar nan, in ba haka ba banki zai sake mayar da kai.

Kafin amsa ta fito, ka ci gaba da shigar da lissafi a tsohuwar, kada ka sake ba kowa sabuwar. Da an tabbatar maka a rubuce wadda ta rage, ka aika wa bankinka da sashen kuɗi na ma'aikatar su canza ta a rajistar ’yan kwangila, domin sauran biyanka suna iya bin lambar da aka rufe. Sannan ka duba shafin WHT ka ga miliyan 1 ɗin ta sauka kafin ka sake neman takardar shaidar.