Waƙar jerin kaya: me ya kamata ya zo gaba, me zai zo baya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Bayan rasuwar mahaifina na buɗe akwatinsa na tarar da abu shida: agogo, da hotona ina ƙarama, da makullai, da katin asibiti, da sabon takalmi da bai taɓa sawa ba, da tabarau. Na jera su a waƙa, sai ƙawata ta ce kamar takardar ƙidayar kaya take ji. Laifin kalmomin ne ko na jerin? Kuma da wace kalma zan riƙa haɗa su, tunda “da” ta yi yawa?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinki, 'yar'uwa, ya ba ku haƙuri.

Kalmominki ba su da laifi. Inda aikin yake shi ne a zaman da kika ba su. Mai sauraro idan ya ji abu biyu a jere ba ya barinsu haka nan, sai ya nemo musu dangantaka da kansa: ko dai na farko ya riga na biyu faruwa, ko shi ya jawo shi, ko na biyun ya fi nauyi. Marubucin irin wannan waƙa da wannan ɗabi'a ta kunne yake aiki. Bai ce komai ba, amma ya ajiye abu kusa da abu yadda mai ji zai faɗa wa kansa sauran.

Karin maganarmu ta riga mu sanin wannan. Ki ɗauki “ga ƙoshi ga kwanan yunwa”. Ana faɗinta ga wanda abu ke gabansa a wadace amma bai amfana ba. Yanzu ki juya ta: ga kwanan yunwa ga ƙoshi. Ba a ƙara ko kalma ɗaya ba, ba a rage ba, amma takaicin ya tafi, sai ka ji kamar labarin wanda ya sha wuya daga baya ya samu sauƙi. Haka “ga mari ga tsinka jaka”: an fara da zafin da zai huce, aka rufe da asarar da za ta zauna. A duka biyun, abin da ya zo ƙarshe shi ke yanke hukunci a kan abin da ya gabata.

To, kayan nan naki shida ana iya jera su ta hanya 720. Ke kuwa, in na fahimta, kin bi yadda hannunki ya ciro su daga akwati, ko kuma yadda amsa-amo ya ja ki. Na lura agogo da hoto ne a farkon jerinki, kuma duk da wasali ɗaya suka ƙare, shi ya sa nake zargin na biyun. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama masu waƙar jeri. Idan sunan kowane abu ya faɗo a ƙarshen ɗango, amsa-amo ne zai riƙa zaɓa miki maƙwabtan kowa, ma'ana kuwa ta koma 'yar kallo. Maganinsa mai sauƙi ne: ki kawo sunan abin farkon ɗango, ki bar wa wata kalma ɗaukar amsa-amon. Hausa tana da yalwar kalmomi masu ƙarewa da “wa”, bari mu gwada da su:

Ga makullai, sun sha juyawa,
Ga tabarau na ta dushewa,
Ga hotona, ya sha dubawa,
Ga kati da ranar komawa,
Ga agogo, ya ƙi tsayawa,
Sai takalmi na jiran sawa.

Tunda kowane ɗango da “wa” ya ƙare, kina iya ɗaga wanda kika so ki kai shi inda kika so, amsa-amo ba zai karye ba. Yanzu zaɓin ya dawo hannunki. Maimaita siga ɗaya a ɗango bayan ɗango irin wannan yana cikin abin da masu nazarin waƙa ke kira jerin sarƙe, kuma amfaninsa a nan shi ne ya kwantar da kunne, har mai ji ya daina kula da ginin jimla ya koma kallon kayan.

Bari in faɗi dalilin da ya sa na ajiye kowanne inda yake. Makullai na fara da su don su ne mafi sanyi a cikin shidan. Suna nuna mutum mai zirga-zirga da hidima, ba su tayar da hankalin kowa, kuma waƙar da ta fara da kuka ba ta da inda za ta ƙara hawa. Tabarau ya kawo shekaru. Sai hoto. Nan ne ya kamata ki tsaya ki duba da kyau, domin hoton a kan kansa ba ya cewa komai face an ajiye shi. Amma da ya biyo bayan tabarau, mai ji zai haɗa su: da wannan tabarau mai dushewa ake duban wannan hoto. Ba mu rubuta “yana ƙaunata” ba, kuma ba ma bukata. Ki raba su da ɗango ɗaya kawai, ki sa makullai a tsakani, wannan zaren ya tsinke.

Agogo ya fi kowa nuna abin da nake nufi. Ki mayar da shi ɗango na biyu, bayan makullai. “Ya ƙi tsayawa” a can yabon agogo ne, yana da ƙarko, shi ke nan. Amma a bayan katin asibiti mai ɗauke da ranar da aka ce a komo, kalmomin nan sun zama wani abu dabam, don mai ji ya riga ya gane akwai wanda ya tsaya. Takalmi ma haka. In shi ya buɗe waƙar, ana iya ɗauka mai shi mutum ne mai adana kaya, ko ma ya manta da shi. A ƙarshe, bayan kati da agogo, ba wanda zai yi masa wannan fassara.

Na san za ki so ki rufe da hoton, yawancin mutane haka za su yi. Ba kuskure ba ne, sai dai ki sani jigon zai sauya. Waƙar da ta ƙare a kan hotonki ta zama waƙar ke da mahaifinki. Wadda ta ƙare a kan takalmi waƙar mutum ce da abin da bai kai ga yi ba. Wadda ta ƙare a kan kati kuwa kamar amsar kacici-kacici take, tana bayyana abin da ya faru, kuma a ganina ita ce mafi rauni, don da zarar an ji ta sau ɗaya ta gama aikinta. Ni dai takalmin na zaɓa, amma ke kika san mutumin.

Sai batun “da”. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, kuma wannan ƙaramar kalma tana da hannu a abin da ta ji. Aikin “da” a jeri shi ne daidaita sunaye: da wannan da wancan da wancan, ba babba ba ƙarami, ba na farko ba na ƙarshe. Shi ya sa ta dace da lissafi. “Ga” kuwa nuni take yi, kamar mutum na ciro abu yana ajiyewa a gabanki ɗaya bayan ɗaya, don haka tana shigo da lokaci cikin jerin ba tare da an ambace shi ba. “Har” hawa take, tana cewa an kai maƙura: har takalmi. “Ko” tana gangarawa zuwa mafi ƙanƙanta, kuma ta fi zama a jerin abin da babu: ko wasiƙa, ko layi ɗaya. “Sai” ita ce mai fuska biyu, kuma saboda haka na ɓoye ta zuwa ɗangon ƙarshe. Tana nufin “daga nan”, kamar a ba da labari, tana kuma nufin “ba abin da ya rage face”, kamar a ce ba kowa a ɗakin sai shi. A “sai takalmi” duka biyun suna aiki lokaci guda. Amma ƙarfinta ya zo ne daga “ga” biyar da suka gabace ta. Da kowane ɗango da “sai” ya fara, da ba wanda zai ji ta. “Uwa-uba” kuma ki bar wa masu jawabi, domin tana sanar da cewa ga babban ya zo, waƙar jeri kuwa ba ta son a yi mata shela.

Wasu kan ari jeri daga waje, kamar bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, ko ranakun mako, ko lambobi. Irin wannan yana taimaka wa hadda, amma ba ya haifar da ma'ana da kansa, tunda kowa ya san Talata ce ke bin Litinin. Yana fara magana ne ranar da aka karya shi, misali a lissafo ranaku a tsallake ɗaya. Kayanki ba su da irin wannan jeri na gado, don haka ba ki da abin jingina.

Ga yadda za ki gwada aikinki. Ki rubuta kowane ɗango a 'yar takarda dabam, ki musanya maƙwabta biyu, ki karanta da murya. In ba abin da ya canza, to waɗannan biyun ba su san juna ba tukuna: ko ɗaya ya tashi daga wurin, ko ya fita daga waƙar gaba ɗaya. Ba dole ne duk abin da ke akwati ya shiga baiti ba. Sannan ki ba wanda bai san labarin ba ya karanta, ki tambaye shi me ya sami mai kayan. In ya gane ba tare da kin yi bayani ba, jerin ya yi.

Abu biyu suka rage. Ɗangayen da na kawo yawan gaɓoɓinsu kawai na daidaita, tara tara. Karin waƙar Hausa kuwa yana duban nauyin gaɓa, mai nauyi da marar nauyi, don haka sai kin rera su kin gyara inda harshe ya yi tuntuɓe, kuma ki yi wannan bayan kin tsayar da jerin, kada garin gyaran kari ki sake tarwatsa shi. Na biyu, in za ki sa baitin rufewa na addu'a kamar yadda rubutattun waƙoƙi da yawa ke yi, ki sa shi gajere, kuma kada ki sake ambaton ko ɗaya daga cikin kayan a cikinsa, don duk wanda kika ambata a can shi zai ƙwace matsayin na ƙarshe daga hannun takalmin.