Saƙon farko ga wanda bai san ka ba, daga mai buga takardu

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Na buɗe ɗan shagon buga takardu, ina yin sitika, rasit, katin kasuwanci da bana. Ina so in riƙa tura wa 'yan kasuwa saƙo kai tsaye, amma ina gudun a ɗauke ni ɗan damfara. Me zan rubuta a saƙon farko?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa wa shagon albarka.

Da na fara, saƙo ɗaya na rubuta mai tsawo, na jera duk abin da injina ke iya bugawa, na yi ta tura wa mutane. Kusan babu wanda ya amsa. Kuma ba laifinsu ba ne. Idan saƙo ya zo daga lambar da mutum bai adana ba, WhatsApp na nuna masa maɓallin Block nan take, in kuma turo shi ka yi daga wani wuri, ga tambarin Forwarded a samansa. Masu toshe ka suka yi yawa, lambar kanta ana iya rufe ta. Jerin turawa jama'a lokaci guda ma ba zai fishe ka ba, domin sai wanda ya adana lambarka yake samun saƙon.

Abin da ya gyara mini harka shi ne in duba kayan mutum kafin in yi masa magana.

Akwai wata baiwar Allah mai sayar da zoɓo da kunun aya a Instagram. Na tsaya na kalli hotunanta. A wani hoto robobin na cikin kula da ƙanƙara, sitikar takarda ce, ta jiƙe, gefenta ya ɗago, lambar wayar ta fara dusashewa. Ga abin da na tura mata:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni mai buga sitika ne, shagona na nan Fagge. A shafinki na samu lambarki. Na ga zoɓonki cikin ƙanƙara, ma sha Allah. Muna yin sitikar leda wadda ruwan sanyi ba ya ɓata ta. In kin ba ni izini, in turo miki hoton wadda muka yi wa irin robarki?"

Ka lura ban ce mata sitikarta ta lalace ba. Ta fi ni sani, kullum tana gani, kuma ba wanda ke son baƙo ya buɗe baki da kushe masa sana'a. Na faɗi ko ni wane ne, unguwar da nake, da inda na samo lambarta, don tambayar farko da ke zuwa wa mutum ke nan: wa ya ba ka lambata? Na ambaci abu ɗaya tak cikin abubuwan da nake yi. Na kuma rufe da tambayar da "to" kaɗai ya isa amsarta. Ban saka hoto ko mahaɗar shafi ba, domin mahaɗa daga baƙuwar lamba ita ce abin da mutane suka fi tsoro yanzu. Sallama da gabatarwa da buƙata duk a saƙo ɗaya suke. Wannan "Slm" da ake turawa a zauna jiran amsa, mai kasuwa ba shi da lokacinta.

Washegari ta ce in turo. Na tura hoto ɗaya, robar da na tsoma a ruwa da hannuna, sitikar na nan daram. Sai ta tambayi kuɗi. A nan ne da yawa ke cewa "ki zo shago mu yi magana", sai cinikin ya mutu. Ni girman robar na tambaya. Sitika mai santimita 7 da 10 ce ta dace da ita, falle ɗaya na A3 kuwa yana ɗaukar 16, ke nan falle 7 zai ba ta 112. Na faɗa mata kuɗin falle bakwai ɗin har da yanka, da ranar da za ta karɓa, na ce ta fara da haka ta gwada kafin ta yi da yawa.

Wanda ya karanta bai amsa ba, ina bari kwana huɗu ko biyar, in sake taɓa shi sau ɗaya a gajarce. Ya sake yin shiru, na ƙyale shi. Kada ka tura da dare, musamman ga matan aure. Tsakanin hantsi da azahar nake turawa. Kuma ka sa sunan shagon da hoton aikinka a fuskar lambar, domin nan ake fara dubawa kafin a karanta abin da ka rubuta. Yanzu ba na wuce mutum biyar a rana, don kowane ɗaya sai na zauna na kalli kayansa tukuna.