Lambar da ba ta karantuwa a littafin ciniki

"Ina kwafe littafin cinikin babanmu zuwa Excel, amma wasu lambobin ban iya bambance 1 da 7. Ya zan yi?"

Kada ka yi canke, ɗan'uwa. Fara neman wurin da Baba ya rubuta 7 da babu shakka a kanta, kamar a kwanan wata, ka duba ko yana ja mata ƙaramin layi a tsakiya. Hannun mutum bai cika sauyawa ba.

In hakan bai warware ba, lissafin kansa zai tona. A ce layin ya nuna buhu 12, kuɗin ɗaya ko 410 ko 470, jimla 5,640. Raba 5,640 gida 12, za ka samu 470, magana ta ƙare. Shi ya sa nake ware wa jimlar da ya rubuta da hannunsa gurbinta daban, kusa da wadda `=B2*C2` ta fitar. Duk inda suka saɓa, ko kai ka karanta ba daidai ba, ko shi ya yi kuskure, kuma kada ka gyara masa a ɓoye.

Wadda ta gagara, bar gurbin fanko, ka rubuta "1 ko 7" da lambar shafi a gefe. In ka sa "4?0" cikin gurbin, `SUM` zai tsallake shi shiru.