Wasiƙar BECE kan matsalar ruwa a makaranta

Tambaya: "Ƙanena a unguwar Nima ta Accra zai zauna BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. An ba shi gwajin rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa da Turanci kan ƙarancin ruwan sha. Yaya zai tsara ta?"

Amsa: Wasiƙar hukuma adireshi biyu take ɗauka: nasa a sama ta dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa, sannan na shugaban makaranta ta hagu. Bayan "Dear Sir" ko "Dear Madam" sai ya sa kanu gajere, kada ya manta da shi.

A sakin layi na farko ya faɗi dalilin rubutun kai tsaye, kada ya tsaya tambayar lafiyar iyali, domin ladabin gaisuwarmu ba nan ne wurinsa ba. Daga nan ya nuna illar: famfo ba ya kawo ruwa, yara suna fita sayen ruwan leda suna makara a darasi. Sai ya roƙi a sa tanki cikin girmamawa, ba tare da zargin kowa ba, kuma ya guji gajarce kalmomi kamar "don't".

Ya rufe da "Yours faithfully", sa hannu, sannan cikakken suna. Yawan kalmomin da ake bukata kuwa, malamin Turancinsa ya duba masa.