Amsa: Neman a rubuta wa ƙungiyarmu takardar tallafi

Tambaya: Salamu alaikum. Ƙungiyarmu ta mata ce a Gadarif da ke Sudan, muna son injin matse man riɗi. An ce wata hukuma tana ba da tallafi. Don Allah wani ya taimaka ya rubuta mana takardar nema, lokaci ya ƙure.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Na daɗe ina taya ƙungiyoyi wannan aiki kuma ina son in taimaka, amma da abin da kika turo duk wanda ya ce zai rubuta, ƙirƙira kawai zai yi. Abu uku ne babu: ƙa'idojin masu ba da tallafin, iyakar kuɗin da suke bayarwa, da taƙaitaccen bayanin aikinku.

Ki fara da ƙa'idojin. Kada ki tsaya kan "an ce", ki nemo ainihin takardar sanarwar, ko da hotonta ne a waya. Kafin komai ki duba wa aka yarda ya nema. Yawancin masu tallafi a Sudan suna son ganin shaidar rajista daga hukumar agajin jinƙai, wato Mufawwadiya, wadda wa'adinta bai ƙare ba, da asusun banki da sunan ƙungiya, ba na shugaba ba. Idan ba ku da su, sai ku shiga ƙarƙashin wata ƙungiya mai rajista, kuma ƙa'idar ce za ta faɗa ko an yarda da hakan. Sannan ki duba abin da ba sa biya. Akwai masu ba da kuɗin horo kaɗai, ba sa sayen inji, ba sa gini. In haka ne, maganarku ta tsaya tun daga nan, komai kyan rubutun. Na ga wata ƙungiya da aka rubuta wa takarda mai kyau, aka ajiye ta ba a karanta ba, saboda masu tallafin suna da fom ɗinsu su kuma ba su cike shi ba. Abin ya yi min ciwo, don matan sun cancanta. A nan ne kuma za ki ga ko da Larabci ake so ko da Turanci, da ranar rufewa.

Iyakar kuɗi ita ce ke yanke girman aikin. Bari in ba ki misali, lambobin nawa ne don fahimta, ku za ku nemo farashin gaskiya a kasuwa. A ce iyakar dala 10,000 ce. Inji da kafa shi 5,500, sola ko janareta 3,000 tunda wuta ba ta da tabbas, riɗin farawa 2,000, horo 800. An kai 11,300 ke nan, kun wuce iyaka tun ba a sa kuɗin gudanarwa ba. Masu tallafi da dama, irin su Tarayyar Turai, kashi 7 cikin 100 suke yarda da shi na gudanarwa, kuma yana cikin iyakar ne, ba a kanta ake ɗora shi ba. To sai ku ce riɗin farawa gudummawar mambobi ne. Saura 9,300, gudanarwa 651, jimla 9,951. Yanzu ya shiga, kuma masu dubawa suna jin daɗin ganin kun sa naku. Da iyakar 3,000 ce kuwa, inji bai taso ba, wani aikin daban za a tsara.

Ki kuma duba da wane kuɗi ake kasafin. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 darajar fam ɗin Sudan take zubewa. In kun rubuta da fam, kuɗin ya zo bayan watanni, ba zai sayi injin ba. Ki tambaye su farashin canjin da suke aiki da shi.

Bayanin aikin kuwa babu mai iya rubuta shi sai ku, rabin shafi ya isa. Mata nawa ne, a wace unguwa, yanzu ina suke kai riɗinsu a matse kuma nawa ake cajinsu, ina za a kafa injin, filin na wa ne, wa zai gyara in ya lalace, wa zai sayi man da tunkuzar. Ki faɗi watan da kuke son farawa, domin ana girbin riɗi ne wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin ya fi araha. Wanda ya san Gadarif zai lura in jadawalinku ya kauce wa kaka.

Ki turo min sanarwar da takardar farashin injin daga 'yan kasuwa biyu ko uku. Bayanin aikin ko da muryarki ki ɗauka da Hausa ki aiko, ni zan tsara shi a fom ɗinsu in sha Allahu.