Yaushe ake daina watsar da x?

"A lissafin pH na asid mai rauni, malaminmu yakan mayar da 0.010 − x ya zama 0.010 kawai. Ta yaya zan gane lokacin da hakan bai halatta ba?"

Ɗan'uwa, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ka yi kiyasin tukuna, sannan ka raba x da ka samu, wato yawan asid ɗin da ya rabu, da adadin asid ɗin na farko. Idan sakamakon ya haura kashi 5 cikin ɗari, kiyasin ya rushe.

Ɗauki asid ɗin HF mai ƙarfin 0.010 M, wanda Ka ɗinsa yake 6.8 × 10⁻⁴. Kiyasi zai ba ka x = √(Ka × 0.010) = 2.6 × 10⁻³, wato kashi 26 cikin ɗari na abin da ka fara da shi, kuma ba a kiran wannan ƙaramin sauyi. Saboda haka sai ka koma ga x²/(0.010 − x) = Ka, ka warware shi ya zama:

x² + 6.8 × 10⁻⁴x − 6.8 × 10⁻⁶ = 0

Amsoshi biyu za su fito, amma wadda take ƙasa da sifiri ba ta da ma'ana a nan, don haka x = 2.3 × 10⁻³, pH kuma 2.64 maimakon 2.58.

Tun kafin lissafi ma kana iya hangowa, domin muddin adadin farko bai ninka Ka sau 400 ba, kiyasin ba zai tsaya ba. A nan sau 15 kacal ya ninka shi.