Amsar tambayar Sakatare kan gyaran bayanan zama

Tambaya: "Salamu alaikum Malam. Bayanan zamanmu na kwamitin unguwa kan kai shafi biyar ko shida, amma in zama na gaba ya zo kowa sai ya ce bai san shi aka ɗora wa aikin ba. Yaya zan gyara rubutun nan?"

Wa alaikumus salam, Sakatare. To, ka saurara da kyau, don maganar tana da ɗan tsawo.

Tsawon rubutun ba shi ne ciwon ba. Ciwon yana cikin kalma biyu, "za a". Za a gyara, za a tuntuɓa, za a duba, za a sanar. Hausa ta ba mu wannan "a" ɗin don mu yi magana ba tare da mun nuna kowa da yatsa ba, kuma a zaure abu ne mai kyau, kunya ce da ladabi. Amma a takardar zama guba ne, domin "a" ba shi da lambar waya, ba za ka kira shi ranar Alhamis ka ce ina aka kwana ba. Saboda haka aikinka na farko, in a kwamfuta ka buga, ka danna `Ctrl+F` ka rubuta "za a", ka ga sau nawa ya fito. In da biro ka rubuta, ka zagaye kowanne. Duk inda ka zagaye, aiki ne da ba shi da mai shi.

A'a, bari in koma baya, na tsallake abu. Kafin ka taɓa komai, rubutun da ka yi a wurin zama, wannan na gaggawa, ka bar shi yadda yake, kada ka goge ko layi ɗaya. A sabuwar takarda za ka yi gyaran. Ranar da gardama ta tashi kan abin da aka ce, wannan ɗanyen rubutun ne shaidarka. Kuma ka yi gyaran a daren da aka tashi ko washegari, kada ya wuce kwana biyu, don bayan nan kai kanka ba za ka tuna me gajerun alamominka suke nufi ba.

Sai ka bi ɗanyen rubutun layi-layi kana tambayar kanka: wannan magana ce aka yi, ko magana ce aka tsayar? Nan ne mutane suke faɗawa rami, saboda kalmar "shawara". Wani ya ba da shawara daban, an yanke shawara daban. Dattijo ya ce gara a sayi sabon inji, mutum biyu suka gyaɗa kai, shugaba ya ce to mu je batu na gaba. Wannan ba matsaya ba ce. In ka rubuta "an yi shawarar sayen sabo", rabin mutane za su karanta an amince, rabi su karanta ra'ayi ne kawai. Ni dai ina ganin ka daina amfani da kalmar a wurin hukunci gaba ɗaya. Ka ce "Matsaya", ko "An amince". Ka bar "shawara" ga abin da aka kawo ba a tsayar ba.

Bari mu ɗauki misali, a ce batun burtsatsen unguwa ne, sumo ya ƙone. Abin da aka saba rubutawa shi ne: an tattauna sosai kan lalacewar burtsatse, mambobi sun nuna damuwa kan wahalar ruwa, wasu sun ce a gyara sumo wasu sun ce a sayi sabo, daga ƙarshe an ce za a nemi farashi nan ba da jimawa ba, kwamiti zai duba. Ka ji ko? Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma babu wanda zai tashi daga kan tabarmarsa saboda ita. Bayan wata guda yara suna nan da jarka suna bin 'yan garuwa.

Yanzu ga yadda za ta koma. Tattaunawar ka matse ta zuwa layi biyu: sumo ya ƙone, an kawo zaɓi biyu, gyaran naɗi ko sayen sabo, an fi karkata ga sabo saboda an taɓa naɗe wannan ya sake ƙonewa. Shi ke nan. Dalilin nan na ƙarshe kada ka yar da shi, don wanda bai zo ba shi zai fara tambaya me ya hana a gyara. Sai ka bar fili, ka sauka sabon layi ka rubuta: Matsaya 10/1, an amince a sayi sabon sumo, kuɗin kada ya wuce naira 250,000 daga asusun kwamiti. Wannan adadin misali ne, ka sa naku. A ƙasansa: Ma'aji zai kawo farashi a rubuce daga shago 3, ya miƙa wa Shugaba, ranar Alhamis 9 ga Oktoba 2025. Sai na biyu: Shugaba zai zaɓi ɗaya ya sa hannu a fitar da kuɗi, ranar Asabar 11 ga Oktoba 2025. Ka lura abu ɗaya aka tsayar amma aiki biyu ya haifa, kowanne da mai shi da ranarsa. In ka cusa su a jimla ɗaya, Ma'aji zai jira Shugaba, Shugaba ya jira Ma'aji.

Lambar nan 10/1, wato zaman wata na goma, matsaya ta farko. Tana bin aikin har ya mutu. Ko a zaman Disamba, in ba a gama ba, 10/1 za ka kira ta, kowa ya ji da kunnensa cewa wata biyu ke nan tana jiran mai ita.

Mai aiki kuwa mutum ɗaya ne, da sunansa da muƙaminsa. Ba kwamiti ba, ba matasa ba, ba "Ma'aji da Mataimaki" ba. In aikin na mutum huɗu ne, ka rubuta wane ne jagora, sauran masu taya shi. Kuma ka ga wanda bai halarci zaman ba aka ɗora masa aiki a bayan idonsa? Wannan kada ka rubuta shi a matsayin mai aiki tukuna. Aikin gaskiya a nan shi ne: Shugaba zai sanar da wane, ya ji ko ya karɓa, zuwa rana kaza.

To, ranar. Wallahi wannan ita ce ta fi ci min rai. Nan ba da jimawa ba. Cikin gaggawa. Mako mai zuwa. Ƙarshen wata. Bayan Sallah. Wace Sallar? Tsakanin ƙarama da babba wata biyu ne da kwana goma, mutum ya ce ai shi babbar ya fahimta, kuma ba ka da bakin musa masa, don takardarka ba ta faɗa ba. Ko da an san Sallar, bayanta da kwana nawa? Washegari bayan Sallah ne, wata guda ma bayan Sallah ne. Haka "mako mai zuwa", wanda ya buɗe takardar bayan kwana goma, makonsa mai zuwa daban da naka. Jibi da gata ma haka, a baki suna da ma'ana, a takarda sun mutu tun ranar da aka faɗe su. "In sha Allah" kuwa a faɗa, wajibi ne, amma a sa kwanan wata a gefensa. Ka rubuta sunan ranar da kwanan watan tare, Alhamis 9 ga Oktoba, don in ka yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona. Sannan kada ka sa wa'adi ya faɗa daidai ranar zama na gaba, in ka yi haka da safiyar ranar za a fara neman farashi. Ka ja shi baya da kwana uku ko huɗu.

Yanzu abin da na san zai same ka: za ka zo kan wani "za a", ka duba ɗanyen rubutu, ka ga lallai ba a ambaci kowa ba, ba a sa rana ba. Kada ka cike gurbin da kanka. Sakatare ba ya ƙirƙirar hukunci, ko da ya san wanda ya dace. Ka kira Shugaba. In ya ce ai wane muka ba, ka tabbatar da wanen kafin ka rubuta. In shi ma bai sani ba, ka rubuta gaskiya: ba a naɗa mai aiki ba, an mayar da batun ajandar zama na gaba. Babu abin kunya a wannan layin, shi ne ma yake sa a gyara.

Batun sunaye a cikin muhawara, cire su. Wane ya ce, wane ya mayar masa, wane ya fusata, duk ba su da wuri, gaba kawai suke adanawa. Inda suna yake zama dole shi ne wanda ya gabatar da ƙuduri da wanda ya goya masa baya, in tsarin mulkinku ya ce a yi haka, sai wanda ya ce a rubuta cewa shi bai yarda ba. In an kaɗa ƙuri'a ka sa adadi, 9 sun yarda, 2 sun ƙi, 1 ya yi shiru. Maganar kuɗi da ta canjin masu sa hannu a asusu ka rubuta su kalma da kalma yadda aka amince, don banki kan nemi ganin wannan matsayar da sa hannun Shugaba da naka.

Sai tsari. A shafin farko, ƙasan sunayen mahalarta da masu uzuri, ka ja tebur mai gida huɗu: lamba, aiki, mai aiki, rana. Mutane da yawa ba za su wuce nan ba, kuma ba laifi. Tebur ba ya zama daidai a saƙon WhatsApp, don haka cikakkiyar takardar ka tura ta PDF, ayyukan kuma ka rubuta su a saƙo daban, kowanne layinsa, sunan mai aiki a farko tsakanin taurari biyu, kamar `*Ma'aji*`, zai fito da kauri. Ka maƙale saƙon a saman zauren na kwana 30. Da zan ce ka sa launi-launi, amma bar wannan, in an buga a inji baƙi da fari duk ya tafi, kauri ya isa.

Amma fa Shugaba ya fara gani kafin ka saki. Kuma ka rubuta "daftari" a samansa har sai an karanta a zama na gaba an amince, ku sa hannu. Daga nan ba a sake taɓa shi, in kuskure ya fito daga baya a bayanan sabon zama ake rubuta gyaran. A zaman nan na gaba, bayan addu'a da amincewa da bayanan baya, teburin nan za ka ɗauka ka kira 10/1, Ma'aji, an kawo farashin ko ba a kawo ba. In an kawo ka rubuta an kammala, in ba a kawo ba a sa sabuwar rana nan take, tsohuwar kuma ka bar ta a gefe kada ka goge.

Ka turo min na zamanku na ƙarshe a gefe, ka rufe sunayen mutane, mu ƙirga "za a" ɗin tare.